Fuska a da'ira, allo a sama: yadda baƙo ke yanke hukunci kan gayyatarka a LinkedIn

Duk wanda ya buɗe manhajar LinkedIn ya shiga sashen My Network zai tarar da jerin mutanen da ke neman ƙulla alaƙa da shi. Abin da ake nuna masa game da kowannensu bai taka kara ya karya ba. Akwai ɗan mitsitsin hoto a cikin da'ira, sai suna, sai layi ɗaya da mutum ya rubuta game da sana'arsa, wani lokaci kuma a nuna masa wanda suka sani tare. A gefe akwai maɓallai biyu, na karɓa da na watsarwa, Accept da Ignore. Jami'in ɗaukar ma'aikata ko shugaban wani sashe a kamfani yana iya wayar gari da irin waɗannan gayyata masu yawa, kuma a tsaitsaye yake bin su, yana jiran shayi ko yana cikin mota. A nan ake yanke hukuncin farko, tun kafin a ga takardun karatunka ko wuraren da ka yi aiki.

Kamfanin LinkedIn, wanda ya fara aiki a 2003, Microsoft ya saye shi a 2016, ya taɓa sanar da cewa masu hoto a shafinsu suna samun masu leƙowa har ninki 21 a kan marasa hoto, gayyata kuma har ninki 9. Masu koyar da neman aiki suna son maimaita waɗannan alƙaluma, amma a riƙe su da taka-tsantsan. Wanda ya damu ya sa hoto galibi shi ne wanda ya cike sauran bayanansa, yake rubutu, yake leƙa dandalin kullum. Ba za a ɗora wa hoto kaɗai duk wannan bambanci ba. Abin da ya fi jan hankalina ma ba yawan masu karɓa ba ne. Tambayar ita ce, su wane ne ke karɓa, su wane ne ke wucewa?

Masu samun gayyatarka kashi uku ne. Akwai waɗanda suka san ka: abokin karatu a jami'a, wanda kuka yi hidimar ƙasa tare, ɗan uwa. Waɗannan suna ganin sunanka za su karɓa, ko da hoton kyanwa ka sa. Akwai kuma masu karɓar kowa, masu tara jama'a don adadi, tunda dandalin ya ba mutum damar kaiwa dubu 30, tare da masu neman wanda za su tallata wa haja da 'yan damfara masu alƙawarin biza. Su ma ba ruwansu da hotonka. Kashi na uku su ne baƙi masu tantancewa: mai ɗaukar ma'aikata, manajan sayayya, babban injiniya, malamin jami'a da kake fatan ya duba aikinka. Su kaɗai ne hoto da allo suke sauya wa ra'ayi. Shi ya sa mutum zai iya tara abokan hulɗa ɗari biyar da hoto maras kyau, ya ɗauka komai lafiya, alhali kashi na farko da na biyu ne suka cika masa shafi, na ukun kuwa sun yi ta wuce shi shiru.

Kuma na ukun nan ne ke da abin da ake nema. A 2022 mujallar Science ta buga sakamakon wani gwaji da aka gudanar a kan LinkedIn tsawon shekara biyar, wanda ya shafi mutum kusan miliyan 20. An gano cewa alaƙar da ta fi kai mutum ga sabon aiki ba ta aminai ba ce, ta waɗanda sanayyar ba ta yi zurfi ba ce, masu tsaka-tsakin nisa. Dalilin a fili yake. Amininka labarin da ka ji shi ya ji, guraben da ka sani su ya sani. Wanda ke ɗan nesa da da'irarku shi ke da labarin da bai iso unguwarku ba. To shi kuma bai san halinka ba, bai san gidanku ba, abin da ke gabansa kawai wannan ɗan hoto ne.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma masana halayyar ɗan Adam sun auna saurin da ake yin wannan tambaya. A 2006, Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton sun riƙa haska wa mutane hotunan fuskoki na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sannan su tambaye su ko mai fuskar nan abin amincewa ne, ko ƙwararre ne. Hukuncin da aka yanke a wannan ƙiftawar ido ya yi kusa ƙwarai da wanda wasu suka yanke ba tare da an ƙayyade musu lokaci ba. Ƙarin lokaci bai sauya ra'ayi sosai ba, sai dai ya ƙara wa mutane tabbaci a kan abin da suka riga suka ƙudurta. Wannan bai nuna cewa fuska na faɗin gaskiyar hali ba. Mun sha ganin mai fara'a da ya ci amana. Abin da ya nuna shi ne mai kallo ba ya iya hana kansa yanke hukunci. Daga baya, a 2014, Todorov da Jenny Porter suka nuna wani abu da ya fi amfani ga mai neman aiki: hotuna daban-daban na mutum guda suna haifar da hukunci daban-daban, har wanda aka ɗauka amintacce a wannan hoto a yi masa kallon akasin haka a wancan. Ke nan ba halittarka ake yi wa hukunci ba kawai, har da hoton da ka zaɓa.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko ƙarfi ga ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke aika gayyata ƙasashen waje. Dandalin na fama da shafukan bogi, kuma masu tantancewa sun koyi alamominsu: babu hoto, ko hoton ya yi dishi-dishi, ko kuma ya yi kyau fiye da kima kamar an yanko shi daga tallan banki, allon sama babu komai, abokan hulɗa ba su kai hamsin ba. Tun 2022 akwai wani sashe mai suna About this profile da ke nuna wa kowa lokacin da aka buɗe shafi. Mutumin kirki da ya buɗe shafi jiya, bai sa hoto ba, ya kama aika gayyata, ya sa rigar ɓarawo bai sani ba. Wanda ya danna Ignore kuma akan ba shi zaɓin ya ƙara da cewa bai san mai gayyatar ba. In irin wannan ta yi yawa, dandalin na iya taƙaita maka aika gayyata gaba ɗaya.

A ɗauki misalin wani matashi a Kano da ke harhaɗa wutar sola. Ya yi difloma a fannin lantarki, ya shekara huɗu yana kafa faifai da batura a gidaje da ƙananan asibitoci, yanzu yana so ya shiga idon manyan kamfanonin sola na Legas da jami'an sayayya na ƙungiyoyin agaji a Abuja. Hoton da ya sa an yanko shi ne daga hoton ɗaurin auren abokinsa. Kafaɗar wani ta leƙo a gefe, yana sanye da baƙin tabarau, farar shaddarsa na ɗaukar ido, fuskar kuwa ta nutse cikin inuwar hula. A wayarsa, in ya buɗe hoton ya cika fuska, ba laifi, har ya yi kyau. Amma ba haka mai karɓar gayyata ke ganinsa ba. Shi a ƙaramar da'ira yake ganinsa, kuma abin da ya rage a ciki farin ƙyalle ne da ɗigon baƙi a sama.

Kafin ma a zo ga ɗaukar sabon hoto, akwai wani abu da ya kamata ya fara dubawa, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. LinkedIn na barin mutum ya zaɓi waɗanda za su ga hotonsa: abokan hulɗarsa na kai tsaye kawai, ko da'irarsa har zuwa mataki na uku, ko duk masu amfani da dandalin, ko kowa da kowa har a injin bincike. In ya tsaya a zaɓin farko, baƙin da ke cin karo da shafinsa ba za su ga komai ba sai inuwar mutum mai launin toka, shi kuwa yana ganin hotonsa garau a wayarsa, yana mamakin shirun da ake masa. Ya danna hoton nasa, ya nemi alamar ido, ya mayar da shi All LinkedIn members ko Anyone.

Sabon hoton ba ya buƙatar zuwa sutudiyo. Yana buƙatar waya mai kyamara tsaftatacciya, aboki mai haƙuri, da haske mai laushi. A goge idon kyamarar da gefen riga tukuna, musamman lokacin hunturu da ƙura ke hawa komai, don yawancin hotunan da suka yi hazo ba laifin waya ba ne. A guji ranar tsaka, domin tana saukowa daga sama ta zuba inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hula. Hantsi ko bayan la'asar ya fi, a inuwar bango ko a bakin ƙofar zaure, mutum ya fuskanci wajen da haske ke shigowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya wa taga baya: kyamara sai ta auna hasken tagar, ta mayar da mutum baƙin dodo.

Batun farar shadda yana da bayani, kuma ya shafe mu kai tsaye. Kyamarar waya tana duba hasken hoton gaba ɗaya ta nemi matsakaici. In farin yadi ya cinye rabin hoton, sai ta ɗauka wurin ya cika haske, ta rage, kuma fuskar baƙar fata ce ke biyan kuɗin wannan ragi. Maganin biyu ne. Mai ɗauka ya taɓa fuskar a jikin wayar kafin ya danna, don kyamara ta auna da fuska, ya ɗan ja alamar rana sama in ya ga dama. Ko kuma a sa tufa mai matsakaicin launi, shuɗi, ruwan toka ko ruwan ƙasa. Kaftani da hula ba su da aibu ko kaɗan a wannan dandali, haka hijabi da ɗankwali. Ba sai an ari kwat ba. Sai dai ga mai sola ɗin nan, rigar aiki mai tsafta za ta fi yi masa magana, domin jami'in sayayya mai neman wanda zai hau rufi ne.

Hoton da mutum ya ɗauki kansa da miƙa hannu yana da matsala ta lissafi. Wani nazari da likitoci a Jami'ar Rutgers suka jagoranta a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana faɗaɗa hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari, alhali daga mita ɗaya da rabi fuska na fitowa yadda take. Saboda haka abokin ya ja baya kamar taku biyu, ya riƙe wayar daidai tsayin ido, kada ya ɗauko daga ƙasa. Bayan mutum ya zama fili, bango mai launi ɗaya, kuma ya ɗan matsa gaba daga bangon don inuwarsa kada ta manne masa. A cire tabarau mai duhu. Murmushi kaɗan ya isa, ba sai an yi tsayuwar hoton fasfo ba.

Sai yanka. Dandalin na son hoto mai kusurwa huɗu daidai, aƙalla fiksel 400 a tsaye da 400 a kwance, kada nauyinsa ya wuce megabayit 8, kuma zai zagaye shi ya zubar da kusurwoyin. A yanka daga saman hula zuwa ƙasan kafaɗa kaɗan, yadda fuska za ta cinye kusan kashi 60 cikin ɗari na da'irar. In da wayar abokin aka ɗauka, ya turo ta WhatsApp a matsayin Document, don turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoto ta rage masa kaifi. Daga nan a yi gwaji mai sauƙi: a ƙanƙanta hoton, a riƙe wayar da nisan hannu. In ana ganin idanu biyu, ya yi.

Wani abu kuma da girman kai ke hana mu yi: kada mutum ya zaɓa wa kansa. A 2017 David White na Jami'ar New South Wales da abokan aikinsa sun sa ɗalibai ɗari da 'yan kai sun zaɓi hotonsu da suke ganin ya fi dacewa da shafi, sannan aka sa baƙi su zaɓa musu daga cikin hotunan nan dai. Da aka nuna wa wasu mutane daban, zaɓin baƙin ne ya fi burge su. Mun saba da fuskarmu har ba ma ganinta yadda baƙo ke gani. Matashin nan ya ɗauki hoto goma sha biyu, ya tura wa wanda bai san shi sosai ba, ya ce wanne za ka ba kwangila?

Shi allo, wato dogon hoton da ke shimfiɗe a saman shafi bayan kan mutum, aikinsa daban ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Ba ya fitowa a jerin gayyata. Sai wanda ya danna sunanka ya shigo shafinka ne zai gan shi. Wane ne ke shigowa? Amininka ya riga ya karɓa, mai karɓar kowa ma haka. Mai tantancewa ne kaɗai ke ɗaukar wahalar leƙowa, kuma yana shigowa allon ne abu mafi girma da idonsa zai fara sauka a kai. Kamar allon shago ne a Kantin Kwari: wanda ya san mai shagon ba ya ɗaga kai ya karanta, baƙo ne ke karantawa don ya san ko a nan ake sayar da abin da ya zo nema. Hoto ya amsa tambayar ko kai mutum ne na gaske. Allo zai amsa ta biyu, me kake yi, kuma me ya haɗa ka da ni.

Ma'auninsa fiksel 1584 a kwance da 396 a tsaye, wato faɗinsa ya ninka tsayinsa sau huɗu. Wannan siririn ma'auni ne ke ɓata wa mutane aiki. Hoton waya da aka ɗauka a kwance, mai 4000 da 3000, in za a mai da shi allo sai an yanke shi zuwa 4000 da 1000, kashi biyu cikin uku na tsayinsa sun tafi ke nan. Wanda aka ɗauka a tsaye kuwa kusan ba abin da zai rage. Don haka mai sola ya hau rufin da ya gama aiki, da izinin mai gida, ya ja baya sosai, ya ɗauki jerin faifan a kwance yadda za su zauna a tsakiyar hoton. Ya tuna kuma cewa da'irar hotonsa za ta rufe ƙasan allon ta hagu, kuma a waya ta fi cin wuri fiye da a kwamfuta. Duk rubutun da zai sa ya koma dama, ya ɗan nisanci baki. Manhaja irin Canva tana da ma'aunin a shirye.

Rubutun ya zama layi ɗaya da manyan haruffa, da harshen waɗanda yake nema: abin da yake kafawa, da yankin da yake aiki. Ban ga amfanin cusa lambar waya uku da adireshi da jerin ayyuka goma ba, a waya ba sa karantuwa. Haka hoton dogayen benayen Dubai, ko hannaye biyu suna musafaha, ko kalaman ƙarfafa gwiwa da aka kwaso daga intanet. Ba su faɗi komai game da mai shafin ba, kuma su ne dai shafukan bogi ke amfani da su. Tambarin kamfanin da mutum ba ya yi wa aiki ya fi duka muni, domin mai tantancewa zai gangara ƙasa ya ga babu sunan kamfanin a tarihin aikinsa. Abin da ake so shi ne uku su yi magana ɗaya: fuska cikin rigar aiki, faifan sola a allo, layin ƙarƙashin suna yana cewa mai kafa sola ne a Kano. Da zarar ɗaya ya saɓa, shakka ta shiga.

Ta yaya zai san gyaran ya yi aiki? Dandalin na nuna gayyatar da aka aika ba a amsa ba a ƙarƙashin Sent, yana kuma nuna adadin waɗanda suka leƙa shafi. In ya aika wa baƙi ashirin a mako, masu leƙowa ba su ƙaru ba, to a ƙofa aka tsaya, matsalar na ga hoto ko layin ƙarƙashin suna. In kuwa ana leƙowa amma ba a karɓa, hoton ya yi aikinsa, cikin shafin ne bai gamsar ba, sai a duba allo da tarihin aiki. Wannan awo ba cikakke ba ne, don wasu na leƙowa a ɓoye, wasu kuma sai bayan wata guda suke duba gayyatarsu, kuma ashirin ba adadi ba ne da za a gina hukunci mai ƙarfi a kai. Abin lura shi ne muƙaman waɗanda suka karɓa, ba yawansu ba. Kada kuma ya yi gaggawar janye gayyata, domin in ya janye sai ya jira kamar mako uku kafin ya sake aika wa mutumin nan.

Akwai iyakar da hoto mai kyau ba ya tsallakewa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Wasu masana tattalin arziƙi, Yulia Evsyukova da Felix Rusche da Wladislaw Mill, sun buɗe shafukan gwaji fiye da 400 a LinkedIn, na samari masu bayanai iri ɗaya, bambancinsu kawai launin fata a hoto, suka aika gayyata ga Amurkawa kusan dubu 20. An karɓi kusan kashi 26 cikin ɗari na gayyatar fararen fata, na baƙaƙe kuwa kashi 23. Amma da aka riga aka ƙulla alaƙar, suka aika saƙon neman shawara kan aiki, an amsa wa ɓangarorin biyu kusan daidai. Wariyar a bakin ƙofa take, wurin da hoto ne kaɗai ke magana. Wannan ba hujja ba ce ta a haskaka fata da manhaja. Wanda ya yi haka zai zo ganawar bidiyo da wata fuska daban. Abin da ya fi shi ne a ba mai karɓa wani abin dubawa bayan fuska: ɗan saƙo tare da gayyatar da ke faɗin inda aka ga aikinsa, ko a fara da waɗanda ake da abokan hulɗa tare. Masu asusun kyauta saƙon nasu gajere ne, haruffa 200, kuma kaɗan ake ba su a wata, sai a ajiye su don baƙin da suka fi muhimmanci.

Mata da yawa a wajenmu ba sa son hotonsu ya yi yawo, wasu don addini, wasu don sun gaji da saƙonnin da ba na aiki ba, kuma uzurinsu karɓaɓɓe ne. Sai dai a san cewa ƙa'idar dandalin ta ce hoton shafi ya zama na mai shafin, ana iya cire tambari ko fure ko rubutu da aka sa a madadinsa. Wadda ke son tsaka-tsaki tana iya zaɓar Your network, yadda hoton zai tsaya ga waɗanda ke cikin mataki uku na da'irarta, ba zai fita injin bincike ba. Wadda ta yanke shawarar ba za ta sa ba sam, nauyin ya koma kan sauran: allo mai nuna ainihin aikinta, cikakken tarihin aiki, tabbatar da shafi ta imel ɗin wurin aiki in ma'aikatarta na cikin waɗanda dandalin ke karɓa, da saƙo a kan duk gayyatar da ta aika wa wanda bai san ta ba.